Wa ya ci, wa ya faɗi? Yadda sabon malami zai sa Excel ta tantance makin ɗalibai

Makon ƙarshe na zangon karatu mako ne da malamai ba sa so. An gama duba takardu, an tara makin gwaji da na jarrabawa, sai kuma a zauna a bi sunaye ɗaya bayan ɗaya ana rubuta wanda ya ci da wanda ya faɗi. Idan ajin mutum sittin ne, kuma malami na riƙe da aji huɗu, sunaye 240 ke nan. Kafin a kai tsakiya ido ya gaji, a nan ne ake ganin 38 a ɗauka 83 ce. Manhajojin lissafi irin su Excel, Google Sheets, LibreOffice Calc, da WPS Office da mutane da yawa ke amfani da ita a waya, duk suna da umarni guda da ke ɗauke wa malami wannan aiki. Sunansa IF. Rubuta shi ba ya cin minti ɗaya. Abin da ke buƙatar natsuwa shi ne sanin wuraren da yake ba da amsar da ba daidai ba, kuma ya yi shiru bai nuna wata alama ba.

Takardar Excel a gicciye take da layuka. Na tsaye suna da haruffa, A, B, C. Na kwance, waɗanda zan riƙa kira sahu, suna da lambobi. Inda biyun suka haɗu akwai ɗan akwati, kuma sunansa harafin da lambar: D2 na nufin layin D, sahu na 2. Mu ƙaddara makarantar tana ba gwajin aji maki 40, jarrabawa maki 60, kuma malami ya shigar da ajinsa haka:

```
   A       B      C          D      E
1  Suna    Gwaji  Jarrabawa  Jimla  Sakamako
2  Amina   28     41         69
3  Bala    14     22         36
4  Hadiza  18     22         40
5  Isa     16.5   23         39.5
6  Ladi    25                25
7  Sani                      ABS
```

Ladi ta yi gwaji amma ba ta zo jarrabawa ba. Sani bai zo komai ba, don haka malami ya rubuta masa ABS, kamar yadda aka saba a takardun sakamako. Da gangan na sa su a ciki, domin babu ajin da ba a samun irinsu.

Kafin a taɓa kwamfuta akwai tambayar da ba ita za ta amsa ba: nawa ne makin ci? Makarantun sakandare da yawa a Najeriya suna kwaikwayon ma'aunin WAEC, inda 0 zuwa 39 yake F9, 40 zuwa 44 yake E8, 45 zuwa 49 yake D7, sannan kiredit ya fara daga C6, wato 50. Saboda haka a wata makarantar 40 ce iyaka, a wata kuma sai 50, tunda kiredit ake nema wajen shiga jami'a. Sabon malami kada ya yi ƙiyasi. Ya tambayi jami'in jarrabawa ko shugaban makaranta, kuma ya tambaya a fili: wanda ya samu iyakar cif-cif ya ci ko bai ci ba? A misalinmu 40 ce, kuma mai 40 ya ci.

Sai a danna akwatin E2, a rubuta wannan, a buga Enter:

```
=IF(D2>=40,"Pass","Fail")
```

Nan take E2 zai nuna Pass, domin Amina tana da 69. Fomular kashi uku ce, waƙafi ne ke raba su. Kashin farko shi ne tambayar: abin da ke cikin D2 ya kai 40 ko ya wuce? Na biyu shi ne abin da za a rubuta idan amsar e ce. Na uku kuwa abin da za a rubuta idan a'a ce. Jerin ba ya sauyawa. Wanda ya sa Fail a gaba, Pass a baya, zai kayar da duk masu ƙoƙarin ajinsa, kuma Excel ba za ta ce masa uffan ba. Alamar = da ke farko ita ce ke shaida wa manhajar cewa lissafi ake so. Idan aka manta da ita, rubutun zai zauna a akwatin yadda aka buga shi.

Kalmomin Pass da Fail dole su kasance cikin alamar zance. Ba tare da ita ba, Excel za ta ɗauka sunan wani abu ne da ya kamata ta sani, ta nema ta rasa, sai ta nuna #NAME?. Lamba kuwa ba ta son alamar zance, 40 a barta tsirara. Akwai kuma wata 'yar matsala da ke damun masu kwafo fomula daga Word ko daga saƙon da abokin aiki ya turo ta waya: sau da yawa alamar zancen kan zo a lanƙwashe, ita kuwa Excel miƙaƙƙiya kawai ta sani. A ido kusan ɗaya suke. Idan fomula ta ƙi aiki alhali komai ya yi kama da daidai, a goge alamomin a sake buga su da hannu. Abin da ke tsakanin alamomin kuwa zaɓin malami ne. Idan yana so ya rubuta "Ci" da "Faɗuwa", Excel ba ruwanta.

Malaman Nijar da sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci za su tarar da abin ya ɗan bambanta. A Excel ta Faransanci sunan umarnin SI, kuma waƙafi mai ruwa ne ke raba kashi-kashin, domin a can waƙafi ake sa wa a lambobi masu ɗigo, a rubuta 9,5 maimakon 9.5. Tunda maki bisa 20 ake bayarwa, kuma 10 ce iyaka, fomular za ta zama:

```
=SI(D2>=10;"Admis";"Échec")
```

Ko a Najeriya, kwamfutar da aka sayo ta hannu daga Turai tana iya zuwa da wannan saiti. Idan Excel ta ƙi karɓar fomula tana ƙorafi a kan waƙafi, a gwada mai ruwa.

Yanzu a kwafa fomular zuwa sauran sahu. A danna E2, a kusurwarsa ta ƙasa daga dama akwai ɗan ƙaramin ɗigo mai kusurwa huɗu. A kama shi da linzami a ja ƙasa, ko a danna shi sau biyu da sauri, sai fomular ta sauka har ƙarshen jerin. Excel da kanta take sauya D2 zuwa D3, D4, har ƙasa. Ga abin da zai fito: Amina Pass, Bala Fail, Hadiza Pass, Isa Fail, Ladi Fail, Sani Pass.

Biyun farko babu gardama. Sauran huɗun kowanne da labarinsa.

Hadiza ta ci ne albarkacin alama guda. Alamar > kaɗai na nufin "ya wuce", ita kuwa >= na nufin "ya kai ko ya wuce". Da an rubuta D2>40, da Hadiza ta faɗi da makinta 40, alhali dokar makaranta ta ce ta ci. Wannan kuskure yana da wuyar ganewa domin a aji mai mutum sittin wataƙila ɗaya ko biyu ne kawai ke kan iyakar, sauran duk daidai za su fito. Malami zai duba sama ya ga daidai, ya duba ƙasa ya ga daidai, ya buga takarda. Sai ranar da mahaifin yarinyar ya zo makaranta da katin a hannu yana cewa, "Malam, ba arba'in kuka ce ba?" Shi ya sa duk lokacin da aka rubuta irin wannan fomula, a gwada ta da lambobi uku a wani sahu da ba kowa: 39, 40 da 41. Idan ta ba da Fail, Pass, Pass, iyakar ta zauna.

Maganar Isa ta fi wannan sarƙaƙiya. Makinsa 39.5, bai kai 40 ba, don haka IF ta yi gaskiya. Amma malamai da yawa suna son layin jimla ya fito tsaf ba ɗigo, sai su danna maɓallin Decrease Decimal. Daga nan akwatin Isa zai riƙa nuna 40, a gefensa kuma an rubuta Fail, ga Hadiza a samansa da 40 an rubuta Pass. Duk wanda ya ga takardar zai ce an yi son kai. Abin da ya faru shi ne maɓallin ya sauya abin da ido ke gani ne kawai, amma a cikin akwatin 39.5 tana nan, kuma da ita IF ke aiki. Yadda za a gane: a danna akwatin, a ƙara ɗigon ya dawo da Increase Decimal, za a ga ainihin lambar.

Ko a ɗaga wa Isa rabin makin nan, ko kada a ɗaga, hukunci ne na makaranta. Ni dai a ganina kowanne aka zaɓa babu laifi, muddin an yi wa kowa daidai, kuma abin da aka buga a takarda shi ne abin da aka yanke hukunci da shi. Idan an amince a cike, a yi cikon tun a layin jimla:

```
=ROUND(B2+C2,0)
```

Wannan zai mayar da 39.5 ta zama 40 ta gaske, 39.4 kuma ta koma 39. Idan ba a amince ba, a bar ɗigon a fili, kowa ya ga 39.5 ya san dalilin faɗuwar.

Sai Ladi da Sani, kuma su ne suka fi nuna halin IF. Kamar mai gadi take wanda aka ba tambaya ɗaya tak ya yi wa duk mai shigowa, kuma aka ce ƙofa biyu ce kawai, dama ko hagu. Ko wanda ya zo ba ya cikin waɗanda ake jira, sai ya tura shi ɗaya daga ciki. Ladi ba ta rubuta jarrabawa ba, akwatinta fayau yake, Excel kuma sifili take ɗaukar akwatin da ba komai idan ana lissafi. Aka haɗa 25 da sifili, aka samu 25, aka ce ta faɗi. Wataƙila a asibiti take kwance ranar, wataƙila kuma ta rubuta, takardarta ce ta shiga cikin ta wani ajin ba a duba ba. Ba daidai ba ne a haɗa ta da Bala, wanda ya zauna ya rubuta bai kai ba.

Na Sani ya fi ban mamaki, domin yaron da ko ƙofar ɗakin jarrabawa bai taka ba an ce ya ci. Dalilin shi ne, idan Excel tana kwatanta rubutu da lamba, kullum rubutun take ɗauka ya fi girma, komai girman lambar. A wurinta ABS ta wuce 40, ta wuce 100, ta wuce miliyan. Tambayar ta samu amsar e, sai Pass ta fito. Babu ja, babu gargaɗi.

Kuma ba ABS kaɗai ke shiga ta wannan kafa ba. Lamba ma tana iya zama rubutu ba tare da malami ya sani ba. Yana faruwa idan aka kwafo maki daga wani wuri, ko idan an saita akwatin a kan Text kafin a shigar da makin, ko kuma yatsa ya zame aka buga harafin O a madadin sifili, 30 ta zama 3O. Duk yaron da jimlarsa ta shiga haka zai fito da Pass, ko da makinsa 12 ne. Akwai alamu biyu da ke tona asirin. Lamba ta gaske gefen dama na akwati take jingina, rubutu kuwa gefen hagu. Saboda haka ina ba da shawarar kada a tsakaita layin maki sai an gama aiki, domin tsakaitawar na ɓoye wannan shaida. Alama ta biyu ita ce ɗan koren tabo a kusurwar sama ta hagu, wanda Excel ke sa wa lambar da aka adana a matsayin rubutu. Idan aka danna akwatin, aka buɗe alamar gargaɗin da ke gefe, za a ga Convert to Number. Amma 3O mai harafi ba ta samun koren tabo, ita sai an sake bugawa.

Maganin duka wannan shi ne a sa wata tambaya a gaban ta farkon: shin lamba ce ma a nan? Umarnin ISNUMBER ke amsa ta. Yana cewa e idan ya tarar da lamba, a'a idan ya tarar da rubutu ko akwati fayau.

```
=IF(ISNUMBER(C2),IF(D2>=40,"Pass","Fail"),"Duba")
```

Tsawonta kada ya firgita kowa. Tsohuwar fomularmu ce zaune a tsakiya, ba a sauya mata komai ba. Ta wajen ce ke cewa: idan akwai lamba a C2, a ci gaba da tambayar ci ko faɗuwa, idan babu, a rubuta Duba. A lura da baka, biyu aka buɗe na IF, ɗaya na ISNUMBER, kuma kowanne sai an rufe shi. A lura kuma cewa C2 aka bincika, wato makin jarrabawa, ba jimla ba. Dalilin shi ne jimlar Ladi lamba ce, 25, don haka da D2 aka bincika da ta wuce an ce ta faɗi. Gibin yana layin C, can ya kamata a leƙa. Wanda kuwa da hannu yake buga jimla, babu layin gwaji da na jarrabawa a takardarsa, sai ya sa D2 a wurin. Da wannan gyara Ladi da Sani duk za su fito da Duba, malami ya koma kan takardunsu ya yanke hukunci da kansa.

Akwai wani gyara da ya cancanci a yi tun da wuri. Lamba 40 da muka rubuta a cikin fomula ta kwafu sau sittin. Idan a taron malamai aka ce daga yau 50 ce iyaka, sai an sake fomula an sake ja. Ya fi sauƙi a ajiye iyakar a akwati guda a gefe, misali G1, a rubuta 40 a ciki, fomula ta riƙa dubawa can:

```
=IF(ISNUMBER(C2),IF(D2>=$G$1,"Pass","Fail"),"Duba")
```

Alamar dala da ke jikin $G$1 ba ta da alaƙa da kuɗi. Aikinta ta kafe akwatin kada ya motsa idan ana jan fomula. Mun ga yadda D2 ke zama D3 idan an ja ƙasa, kuma haka muke so. To G1 ma haka zai yi idan ba a kafe shi ba: a sahun Bala ya zama G2, a na Hadiza G3. Waɗannan akwatuna babu komai a ciki, wato sifili, kuma kowane maki ya kai sifili. Sakamakon shi ne kusan aji gaba ɗaya ya ci, har da mai maki 5. Idan malami ya ja fomula ya ga Pass daga sama har ƙasa, kafin ya yi murna ya danna akwati na uku ko na huɗu ya karanta abin da ke ciki. In ya ga G3 ko G4, dalar ce ya manta. A kwamfuta, idan aka ɗora alamar rubutu a kan G1 cikin fomula aka danna F4, dalolin za su shiga da kansu.

Idan an gama, lissafi biyu gajeru sun isa su nuna ko akwai ɓaraka. A ce ɗalibai sittin ne, daga sahu na 2 zuwa na 61:

```
=COUNT(C2:C61)
=COUNTIF(E2:E61,"Pass")
```

Na farko lambobi kawai yake ƙirgawa, ba ya kula rubutu ko akwati fayau. Idan ya ba da 57, akwai mutum uku da babu makinsu na gaske, kuma ya kamata Duba ta fito sau uku. Na biyu yana ƙirga waɗanda suka ci. A sake shi da "Fail", a sake da "Duba". Ukun in an haɗa dole su ba da sittin. Idan ba su kai ba, mai yiwuwa fomula ba ta sauka har ƙasa ba, ko kuma wani ya goge ta a wani sahu. Akwai kuma abin da ƙirga ba zai kama ba: wani ya rubuta Pass da hannu a kan fomula don ya taimaki wani yaro. Akwatin ya daina lissafi ke nan, ko makin ya sauya shi ba zai sauya ba. Idan aka danna Show Formulas a ƙarƙashin Formulas, duk layin E zai nuna fomulolinsa, wanda aka rubuta da hannu kuwa zai fito daban a tsakaninsu.

Sauƙin nan na G1 yana da nasa haɗarin. Fomula ba ta san an rufe zango ba. Idan a zango na biyu aka buɗe fayil ɗin nan aka mayar da G1 zuwa 50, sakamakon zangon farko ma zai sauya, Hadiza da aka riga aka ba kati mai Pass za ta koma Fail a kwamfuta, ranar da aka zo neman tsohon sakamako a tarar takarda da na'ura sun saɓa. Don haka da zarar shugaban makaranta ya sa hannu, a fitar da kwafi a PDF, ko kuma a kwafi layin E a liƙa shi a inda yake ta hanyar Paste Special, a zaɓi Values. Wannan zai cire fomulolin ya bar kalmomin kawai. Sabon zango kuma a buɗe masa sabon fayil daga kwafin da har yanzu fomulolinsa ke aiki.